Kuɗin da ka gani a allo da kuɗin da ya shiga hannunka: yadda ake auna kasuwar aikin intanet

Mafi yawan masu neman aiki ta intanet, idan za su zaɓi inda za su buɗe asusu, abu biyu suke tambaya: ina aiki ya fi yawa, kuma nawa ake cira? Tambayoyi ne masu kyau, amma amsarsu tana da amfani ne a ranar da komai ya tafi daidai, wato mai aiki, wanda ya ba ka aikin, ya karɓi aikinsa, ya ji daɗi, ya danna amincewa. A irin wannan rana duk kasuwannin nan kusan ɗaya suke. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da ka gama aiki mutumin ya yi shiru, ko ya ce bai gamsu ba, ko kuma ya biya ka har ka kashe kuɗin sannan bankinsa ya janye su. A ganina da waɗannan ranaku uku ya kamata a auna kowace kasuwa, kuma ana iya sanin abin da zai faru a kowace daga cikinsu tun kafin a karɓi aikin farko, domin a rubuce yake cikin ƙa'idojin kamfanin.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ya ba ka aikin gina shafin intanet mai fuska biyar, kuka yi ciniki a kan dala 600. Za mu ga abin da zai sami waɗannan kuɗi a Upwork, da Fiverr, da Freelancer.com, ba don su kaɗai ne ba, sai don tsarinsu ya bambanta sosai har mutum zai iya koyon karanta kowace kasuwa ta hanyar kwatanta su. Alkaluman da ke cikin ƙa'idojin nan kamfanonin kan sauya su daga lokaci zuwa lokaci, don haka abin riƙewa shi ne irin tambayar da ake yi, sannan a duba adadin da ke aiki a ranar da za a yi rajista.

Asalin tsarin mai sauƙi ne. Mai ba da aiki ba ya so ya biya kafin ya ga aiki, kai kuma ba ka so ka yi aiki kafin ka ga kuɗi, sai kamfanin ya shiga tsakani ya karɓi kuɗin ya riƙe amana har a gama. Wannan ajiya ita ce ginshiƙin sana'ar. Amma kalmar "an riƙe" tana ɓoye tambayoyi da yawa: nawa aka riƙe, yaushe aka riƙe, kuma wa zai ɗauka idan ɗaya ya daina magana?

A Fiverr ba a fara aiki sai mai saye ya biya. Da zarar oda ta buɗe, kuɗinta suna hannun kamfani. Wannan ƙarfi ne babba, musamman ga sabon shiga wanda bai iya karanta mutane ba tukuna, domin tsarin ba ya ba shi damar yin kuskuren fara aiki a kan alƙawari. Kamfanin yana cire kashi 20 cikin ɗari, don haka daga dala 600 naka 480 ne.

A Upwork, idan aikin ƙayyadadden farashi ne, ana raba shi zango-zango, kuma mai aiki yana iya zuba kuɗin zango ɗaya kawai a lokaci guda. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Kwangilar tana nuna dala 600 a sama, amma wataƙila dala 200 na zangon farko kawai aka zuba. Kai kuma, don ka burge mutumin, sai ka zarce ka gama shafin gaba ɗaya ka miƙa masa. Idan ya ɓace a wannan lokaci, kamfanin zai iya ba ka dala 200 da ke hannunsa, sauran 400 kuwa babu su a ko'ina, magana ce kawai tsakaninku. Kariyar tana tsayawa daidai inda kuɗin da aka zuba suka tsaya. Don haka kafin ka taɓa zango na biyu, ka buɗe kwangilar ka tabbatar an nuna cewa an zuba kuɗinsa. Idan ya ce maka ka ci gaba zai zuba gobe, sai ka ce masa to, kai ma gobe za ka ci gaba.

Freelancer.com ya fi buƙatar buɗe ido. Suna da tsarin ajiya da suke kira Milestone Payments, amma ana iya ba ka aiki ka karɓa ba tare da an ajiye ko sisi ba. Kuma kamfanin yana cire kuɗinsa ne lokacin da ka karɓi aikin, kashi 10 cikin ɗari ko dala 5, duk wanda ya fi yawa. Ka ga a aikinmu na dala 600, da danna karɓa an rubuta maka bashin dala 60. Idan mai aikin ya ɓace bai ajiye komai ba, ka fita da asara tun kafin ka rubuta layi ɗaya, sai dai ka bi kamfanin ka nemi a mayar maka. Wanda ya san wannan ba ya danna karɓa sai ya ga an ajiye kuɗin zango.

Yanzu ga ranar shiru, wadda ita ce ta fi yawan faruwa. Yawancin masu ba da aiki ba 'yan damfara ba ne, mutane ne da ayyuka suka yi musu yawa, ko suka yi tafiya, ko suka manta. Abin tambaya shi ne, idan bai ce komai ba, shirun nasa amincewa ce ko ƙi?

A Fiverr, bayan ka miƙa aiki, mai saye yana da kwana 3 ya amince ko ya nemi gyara. Idan bai yi ko ɗaya ba, odar tana rufe kanta a matsayin wadda aka kammala. Daga nan kuɗin sai sun ƙara zaman kwana 14 kafin ka iya cirewa, sai dai masu babban matsayi a kasuwar da ake rage wa zuwa kwana 7. A Upwork akasin haka ne: mai aiki yana da kwana 14 ya duba, idan ya yi shiru kuɗin su fito da kansu, sannan a ƙara kwana 5 na tsaro. Idan ka haɗa, mai shiru zai sa ka jira kwana 17 a Fiverr, kwana 19 a Upwork, kusan ɗaya ke nan. Amma idan mutumin kirki ne ya amince nan take, a Upwork kwana 5 za ka jira, a Fiverr kuwa kwana 14 ɗin nan suna nan ba sa motsi. Ga wanda yake rayuwa da kuɗin aikinsa wata-wata, wannan tazarar ta kwana tara ta fi bambancin kashi biyu ko uku na kuɗin da ake cira muhimmanci.

Agogon nan kuma ba ya fara tafiya da kansa. A Upwork sai ka miƙa aikin ta maɓallin da aka tanada, Submit Work for Payment, sannan kwana 14 su fara ƙirguwa. Idan ka tura fayil ta wurin hira kawai ka ce ga aiki nan, a wurin tsarin ba ka miƙa komai ba, kuma za ka iya yin wata biyu kana jira. Haka nan idan mai aikin ya nemi gyara, agogon yana tsayawa, idan ka sake miƙawa ya faro daga farko. Mutum mai son ja zai iya amfani da wannan ya riƙe ka, gyara bayan gyara. Maganinsa shi ne a rubuta adadin gyara a cikin bayanin zangon tun farko, misali gyara biyu, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. A Freelancer.com kuwa mai aiki ne yake sakin kuɗin zango da hannunsa, don haka idan ya yi shiru kai ne za ka tashi ka buɗe ƙorafi.

Shiru yana da kaifi biyu, kuma ɓangaren da ke yankar ma'aikaci ba a cika faɗarsa ba. A Upwork, idan mai aiki ya rufe kwangila ya nemi a mayar masa da kuɗin da ke ajiye, kana da kwana 7 ka amsa. Idan ba ka amsa ba, an mayar masa. A Fiverr, idan aka aiko maka da buƙatar soke oda ta Resolution Center, wato sashen sasanta rigima, awa 48 ne, idan suka wuce odar ta soke. Wato mutum zai iya gama aiki lafiya, ya yi rashin lafiya ko wayarsa ta lalace na kwana uku, ya dawo ya tarar kuɗin sun koma. Idan kana zaune inda wuta ko intanet ba su da tabbas, tsawon wannan wa'adi yana cikin abubuwan farko da za ka duba.

Aikin awa-awa a Upwork tsarinsa daban ne, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa domin babu ajiya a cikinsa ko kaɗan. Kana aiki cikin mako, manhajar kamfanin tana ɗaukar hoton allonka sau ɗaya a kowane minti goma tana rubutawa a Work Diary, wato kundin awannin aikinka, mako ya rufe daren Lahadi, a caji katin mai aiki, a ba shi zuwa Juma'a ya duba, kuɗin su zama naka ranar Laraba ta gaba, kwana 10 bayan rufewar makon. Idan katin ya ƙi biya, kamfanin ya yi alƙawarin biyan ka daga aljihunsa har zuwa wani iyaka, amma da sharuɗɗa: an tabbatar da hanyar biyan mai aikin, ka yi amfani da manhajar, ka rubuta abin da kake yi a kowane lokaci, allon yana nuna aikin ne, kuma ba ka wuce iyakar awannin da aka sa maka a mako ba. Awannin da ka shigar da hannu ba sa cikin kariyar. Wanda ya yi awa ashirin a takarda ya zo ya shigar da su daga baya ya yi aiki ne a kan yarda zalla.

Mu koma ga shafinmu, a ce wannan karon mutumin bai yi shiru ba. Ka miƙa zango na biyu na dala 200, ya ce ba haka yake so ba, a mayar masa da kuɗinsa. Tambaya uku ce a nan: wa zai yanke hukunci, da wace hujja, kuma nawa za ka biya kafin a saurare ka?

A Upwork matakin farko sulhu ne. Ma'aikacin kamfanin zai saurari kowa ya ba da shawara, amma shawararsa ba ta ɗaure kowa, ɗayanku zai iya ƙin ta. Idan aka ƙi, sai a tafi wurin mai raba gardama na waje wanda hukuncinsa yankakke ne, kuma wannan da kuɗi ake zuwa. Shekaru da dama kuɗin ya kasance dala 291 a kan kowane ɓangare, kuma idan aka shiga shari'ar ba a mayarwa ko da kai ka yi nasara. To yi lissafi. Kana neman dala 200, waɗanda idan kamfanin ya cire, a ce, kashi 10 za su koma 180, kuma a wancan farashin sai ka biya kusan dala ɗari uku kafin a duba maganarka. Ko ka ci, ka faɗi. Akwai dai wata ƙofa: idan kai ka biya shi ya ƙi biya, kuɗin ajiyar naka ne, haka ma idan shi ya biya kai ka ƙi, nasa ne. Sai abin ya koma gwajin wanda ya fi ƙarfin aljihu da ƙarfin zuciya, kuma a irin wannan gwaji kamfani mai ba da aiki ya fi mutum ɗaya da ke jiran kuɗin haya juriya. Shi ya sa yawancin ƙananan rigingimu suke ƙarewa a raba kuɗi biyu wurin sulhu. Tsarin yana da adalci a kan aikin dala dubu biyar, a kan na dala ɗari biyu kuwa kusan babu shi.

Wannan yana kawo wani abu da ya kamata a auna da kyau. Raba aiki zango ƙanana yana rage abin da za ka iya rasawa a lokaci ɗaya, amma yana sa kowane zango ya yi ƙanƙantar da ba zai cancanci shari'a ba. Ni dai ina ganin ƙananan zangon sun fi, da sabon mutum musamman, domin asarar dala 200 da ka sani ta fi shari'ar dala 600 da ba ka san ƙarshenta ba. Amma ka san cewa abin da ke kare ka a nan ƙanƙantar asarar ce, kada ka sa rai da alƙali.

Freelancer.com ya ɗaure kuɗin raba gardama da girman abin da ake rigima a kai, kashi 5 cikin ɗari ko dala 5, duk wanda ya fi yawa, kuma ana mayar wa wanda ya yi nasara. A kan dala 200, dala 10 ke nan, abin da mutum zai iya biya. Sai dai ma'aikatan kamfanin ne suke yanke hukuncin, kuma ƙorafin yana yiwuwa ne a kan kuɗin da aka ajiye a zango kawai. A Fiverr ba ka biyan komai, amma babu alƙali na waje. Kuna fara ƙoƙarin daidaitawa tsakaninku, idan ya gagara ma'aikatan kula da abokan ciniki su duba su yanke, kuma suna da ikon soke oda har bayan an rufe ta a matsayin kammalalliya. Ga shi kuma sokewa tana iya taɓa matsayinka a kasuwar, abin da ke sa wasu su haƙura su yi gyara na biyar da na shida kyauta don gudun ta. Wannan ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi da dala ba.

Duk inda aka je, hujjar da ake dubawa iri ɗaya ce: abin da aka rubuta a cikin dandalin. Mai yanke hukunci bai san ingancin shafin intanet kamar kai ba, kuma ba zai zauna ya auna kyawun launi ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗora abin da aka yi alƙawari a kan abin da aka miƙa. Idan bayanin zangon ya ce "gina shafi mai kyau na zamani", babu abin da za ka kafa hujja da shi, domin kyau a idon mai kallo yake. Idan ya ce fuska biyar, ga sunayensu, da fom ɗin tuntuɓa guda ɗaya, yana buɗewa daidai a waya da kwamfuta, mai aiki ne zai kawo rubutu da hotuna, gyara biyu, a miƙa ranar kaza, to kowa zai iya ƙirgawa. Idan kuka yi magana ta murya ya sauya wani abu, ka koma wurin hirar dandalin ka rubuta masa abin da kuka amince a kai, ka nemi ya tabbatar. Maganar da aka yi a WhatsApp ko Telegram sau da yawa ba a karɓarta, kuma nuna ta ma zai iya zama shaida a kanka cewa ka karya dokar fita waje.

Rana ta uku ita ce mafi zafi, kuma ita ce ta haɗa maganar ajiya da maganar tantance mai saye. An amince da aikinka, kuɗi sun fito, ka cire. Bayan wata biyu sai ka ga an rubuta maka bashin dala 600, domin mai katin ya je bankinsa ya ce bai san da wannan ciniki ba, banki ya janye kuɗin daga kamfanin. Dokokin katunan banki kan ba mai kati kusan kwana 120 ya yi irin wannan ƙorafi, PayPal kuma yana ba da kwana 180. Kwatanta wannan da kwana 5 ko 14 da kasuwa take riƙe kuɗinka, za ka ga riƙon ba ya rufe ko rabin wa'adin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a wannan sana'a ko ganin kuɗi a asusunka bai gama magana ba.

Wani lokaci mai aikin ne da kansa yake yin haka don ya ci aiki kyauta. Wani lokaci kuma katin na sata ne, mai shi na gaskiya bai san komai ba sai da ya ga takardar banki. Ko wanne ne, sai wani ya ɗauki asarar, kuma sashen ƙa'idojin da ya faɗi wanda zai ɗauka shi ne, a wurina, sashe mafi muhimmanci a duk takardar. A Upwork awannin da suka cika sharuɗɗan da na ambata suna da kariya, amma a aikin ƙayyadadden farashi kamfanin yana da ikon dawowa kanka ya karɓi kuɗin, ko da yake zai nemi hujjojinka ya ƙalubalanci bankin. Fiverr yana da tsarin kare mai sayarwa a irin wannan hali idan ya ga an yi aikin yadda aka ce, amma ganin damar kamfanin ne, ba haƙƙi ba ne da za ka tilasta. Idan kana karanta ƙa'idojin wata kasuwa, nemi inda aka yi maganar janye kuɗi ta banki, ka duba ko an ce kamfanin "zai" biya ko "yana iya" biya. Tsakanin waɗannan biyun akwai dala 600 ɗinka.

Daga nan ne za a fahimci abin da tantance mai saye yake nufi. Akwai rashin daidaito a kusan duk kasuwannin nan: kai ma'aikaci za a nemi katin shaidarka na gwamnati, da hoton fuskarka, wani lokaci har da kiran bidiyo, shi kuwa mai ba da aiki sau da yawa adireshin imel da kati sun ishe shi. Dalilin a fili yake, mai kawo kuɗi ba a son a wahalar da shi a ƙofa. Don haka idan ka ga alamar Payment method verified a Upwork, ka san iyakar abin da take faɗa. Tana nufin an gwada katin ya yi aiki, kuma wanda ya saka shi ya iya tabbatar da gwajin. Ba ta nufin akwai dala 600 a ciki, ba ta nufin katin nasa ne, ba ta kuma ce komai a kan halinsa. Rashinta dalili ne na ƙin fara aiki, musamman na awa-awa inda kariyar ta dogara a kanta, amma samuwarta mataki ne na farko kawai. Freelancer.com yana rarraba alamominsa, ta imel daban, ta waya daban, ta hanyar biya daban, ta shaidar mutum daban, kuma wannan ya fi amfani domin kana ganin ainihin abin da aka duba. Wanda imel ɗinsa kaɗai aka tabbatar daidai yake da wanda ba a tabbatar da komai nasa ba.

Abin da ya fi alama ƙarfi shi ne tarihi, don haka ka fifita kasuwar da take nuna maka shi kafin ka nemi aiki. Upwork yana nuna jimlar abin da mutum ya taɓa kashewa, da kashi nawa na ayyukan da ya tallata ya ɗauki mutum a kansu, da lokacin da ya buɗe asusu, da abin da ma'aikatan baya suka faɗa a kansa. Wanda ya kashe dala dubu ashirin cikin shekara uku a kan mutane talatin da wuya ya ƙona asusunsa don dala 600. Amma a karanta da hankali. Idan jimlar ƙarama ce kuma duk ayyukan na dala biyar-biyar ne da aka yi cikin mako ɗaya, kowanne da tauraro biyar, wannan tarihi ne da aka gina don a nuna maka. Sannan kada ka tsaya kan abin da aka faɗa a kansa, domin ma'aikata kan ji tsoron faɗin gaskiya. Duba abin da shi ya faɗa a kan waɗanda suka yi masa aiki. Mutumin da ya ba mutum huɗu a jere tauraro biyu yana cewa duk ba su iya aiki ba, kai ne na biyar. A Fiverr, inda mai saye ne yake zuwa ya danna oda, damar zaɓenka ta fi ƙanƙanta, shi ya sa nauyin ya koma kan yadda ka rubuta bayanin abin da kake sayarwa da tambayoyin da dole ya amsa kafin aiki ya fara.

Sabon asusu ba laifi ba ne, kowa da ranar da ya fara. Abin da ke bambanta sabo na gaskiya da ɗan damfara shi ne yadda yake ji da tsarin. Na gaskiya idan ka ce masa ya zuba kuɗin zangon farko zai zuba, ko ya tambaye ka yadda ake yi. Ɗan damfara kuwa duk ƙoƙarinsa ya fitar da kai daga inda ake rubuta komai: ku koma Telegram, ko ga imel da ke cewa kamfanin ya riƙe kuɗinka sai ka biya wani abu kafin a saki, ko ya turo fiye da yadda kuka yi ya ce ka mayar masa da ragowar ta wata hanya, ko ka yi "gwaji" kyauta wanda shi ne rabin aikin. Kasuwar gaskiya tana cire kuɗinta ne daga cikin abin da aka biya ka, kuma kuɗin da ba ka gani a cikin asusunka na dandalin ba, babu su, ko wane irin hoto aka turo maka. Tun 2020 Upwork ya hana magana a waje kafin a ƙulla kwangila, kuma yana hana karɓar kuɗi a waje daga mutumin da ka samu a can har tsawon shekara biyu sai an biya kuɗin fansa. Dokar tana kare kuɗin shigar kamfanin ne, babu shakka, amma wanda ya karya ta ya rasa ajiya da sulhu da duk wata kariya lokaci ɗaya, kuma asusunsa na iya rufuwa. Rufewar asusu ma wani riƙon kuɗi ne: a Fiverr, wanda aka rufe wa asusu yakan jira kwana 90 kafin ya cire abin da ya rage masa.

To ina za a kai aikin dala 600? Idan mutumin sabo ne kuma aikin yana da iyaka bayyananna da za a iya rubutawa a layi biyar, tsarin biya-kafin-a-fara irin na Fiverr yana toshe babbar ƙofar asara, farashinsa dala 120 da haƙurin kwana 14 da yarda da hukuncin ma'aikatan kamfani. Idan aikin mai sauyawa ne, irin wanda mai shi bai gama sanin abin da yake so ba, ƙayyadadden farashi ko'ina rigima ce ke jira, gara awa-awa a Upwork da manhaja a kunne, domin a nan abin da ake tambaya shi ne ko ka yi awannin, ba ko ya ji daɗin sakamakon ba. Idan kuwa mai aikin yana da dogon tarihi mai tsabta, zango uku na dala 200 a Upwork ko Freelancer.com sun wadatar, muddin kowanne an zuba kuɗinsa kafin ka fara, kuma ka bar miƙa makullan shafin da fayilolin asali zuwa zangon ƙarshe.

Abu ɗaya ya rage da ake yi kafin babban aiki. Ka duba hanyoyin cire kuɗi da kasuwar take bayarwa a ƙasar da kake, ko Payoneer ne, ko PayPal, ko banki kai tsaye, domin ba kowace hanya ce take aiki ko'ina ba, kuma sunan da ke kan asusun cirewar dole ya zo ɗaya da na katin shaidarka. Wasu kasuwannin suna ƙara jinkiri a cirewar farko, Freelancer.com kwana 15 yake yi. Ka karɓi ƙaramin aiki ɗaya, ka bi kuɗinsa tun daga ajiya har su shiga bankinka, ka rubuta kwanakin da suka ɗauka da abin da aka zaftare a kowane mataki, sannan ka sa hannu a kan na dala 600.